Darakta ya ci riba a ciniki: wanne zaɓi ne cin amanar kamfani?

Akwai wata tambaya da take yawan fitowa a jarrabawar dokar kamfanoni, kuma kullum sai ta kayar da ɗalibai, har waɗanda suka yi hadda sosai. Za a baka kamfani ɗaya, a baka daraktoci huɗu kowa da abinda ya aikata, sai a ce ka zaɓi wanda ya karya amanar da ke wuyansa a matsayinsa na darakta. Abinda ke faruwa shine mutum yana buɗe takarda sai idonsa ya tafi neman abu biyu, waye ya samu kuɗi, kuma ina kamfani ya yi asara, to dama nan mai tambayar ya haƙa ramin, saboda duk biyun babu wanda shine ma'aunin da kotu take aiki dashi.

Bari mu ɗauki lamari ɗaya mu bishi daki-daki. Zan yi amfani da dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 da hukunce-hukuncen da aka gina ta a kansu, tunda galibin ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila daga wannan rijiyar suka sha.

Kamfanin namu mai zaman kansa ne, sana'arsa gina rumbunan ajiye kaya yana bayarwa haya. Daraktoci biyar ne, kundin tsarinsa ya ce taron daraktoci baya zama sai mutum uku sun hallara. Dukiyarsa bayan an cire bashi ta kai fam miliyan 2. Ga zaɓin guda huɗu:

A. Darakta yana da wani fili nasa na kansa da ya saya fam 35,000 shekaru da suka wuce. Kamfani yana son filin. Kafin a ƙulla ciniki ya faɗa wa sauran daraktoci a taro cewa filin nasa ne da sunansa, suka amince aka saya fam 60,000.

B. Darakta yana da kashi 20 cikin 100 na hannun jarin kamfanin. Ya dage sai da kamfani ya karɓi wata babbar kwangila, aka ci riba, da aka zo rabon riba ya samu fam 40,000, ga kuma bonas da dama yana cikin takardar aikinsa.

C. Darakta ya sa hannu aka sayi wasu injinan ɗaga kaya ba tare da ya karanta rahoton injiniya ba, ashe injinan sun gama yawo, kamfani ya yi asarar fam 150,000. Shi ko kwabo bai samu ba.

D. An tura darakta ya je ya tattauna sabunta haya da mai filin da rumbun kamfani yake kai. Ana cikin hira mai filin ya ce masa af, filin da ke jikin naku ma na sayarwa ne. Daraktan ya san kamfani bashi da kuɗi a hannu, don ko wata biyu ba a yi ba da banki ya hana su rance. Bai faɗa wa kowa ba, ya sayi filin da kuɗinsa fam 200,000, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya sayar fam 290,000. Kamfani bai yi asarar komai ba.

Amsar D ce. Amma idan ka tsaya a amsar kawai, gobe aka ɗan juya maka tambayar zaka faɗi, don haka gara mu ga dalili.

Yawancin ɗalibai A suke dauka, kuma na gane dalilinsu. Mutum ya sayar wa kamfanin da yake jagoranta kayansa, ya ci ribar fam 25,000 daga aljihun kamfanin kai tsaye, ai da jin wannan hanci zai ce akwai wari. Kuma a da can haka dokar take da tsauri. A shari'ar Aberdeen Railway da Blaikie Brothers ta 1854, shugaban kamfanin jirgin ƙasa yana da hannu a kamfanin da ya sayar musu da kayan ƙarfe na shimfiɗa layin dogo, kotu ta ce kamfanin jirgin yana da ikon watsi da cinikin, kuma ta ƙi ma ta saurari maganar ko farashin yayi adalci ko bai yi ba. Amma fa abinda aka hana ba shine darakta yayi ciniki da kamfaninsa ba, an hana yayi shi a ɓoye ne. Sashe na 177 na dokar 2006 cewa yayi idan darakta yana da wata maslaha a cinikin da kamfani yake shirin yi, kai tsaye ko ta bayan fage, to dole ya bayyana wa sauran daraktoci irin maslahar da kuma girmanta, kafin a ƙulla. Mutumin A yayi hakan, kuma yayi a kan lokaci. Sauran huɗun sun san da wa suke ciniki, suna da ikon su ce farashin yayi yawa, ko su kira mai kimanta fili, ko su fasa. Ribar da ya ci a gaban idonsu ya ci ta.

Sai dai akwai wani ƙaramin tarko a nan da masu tambaya suke so. Idan kamfani zai sayi wata babbar kadara daga hannun daraktansa, ko zai sayar masa, sashe na 190 ya ce amincewar daraktoci kaɗai bata isa ba, sai masu hannun jari sun amince. Babbar kadara kuwa ita ce wadda ta wuce fam 100,000, ko wadda ta wuce kashi 10 cikin 100 na dukiyar kamfani in dai ta haura fam 5,000. Mu lissafa. Kashi 10 na miliyan 2 fam 200,000 kenan, filin kuma fam 60,000 ne, bai kai wannan ba bai kai waccan ba. Shikenan A ya tsira. Da mai tambaya ya rubuta fam 120,000 a maimakon 60,000 da labari ya sha bamban, kamfani zai iya warware cinikin kuma daraktan ya dawo da ribar. Shi yasa duk lokacin da kaga an baka darajar dukiyar kamfani a cikin tambaya, ba don ado aka sa ta ba.

B bashi da wani dogon bayani. Mutum ya samu kuɗi ne saboda kamfani ya samu, maslaharsa da ta kamfani hanya ɗaya suka nufa, rabon riba haƙƙin duk mai hannun jari ne, bonas kuma kamfani ne da kansa ya amince zai biya. Ba a taɓa cewa darakta ya yi aikin Allah-ya-ba-ka-lada ba.

C shine na biyu wajen kayar da mutane, saboda adadin asarar yafi kowanne girma kuma laifin a fili yake. Tabbas yayi laifi, sakaci ne, kuma kamfani zai iya kai shi kotu a ƙarƙashin sashe na 174 wanda yake maganar kulawa da ƙwarewa da himma. Amma sakaci daban, cin amana daban. Wanda yayi iya biyayyarsa ga kamfani amma ya tafka shirme bai ci amana ba, ya dai gaza. Ita kanta dokar ta raba su, sashe na 178 ya ce duk wajibban darakta ana bi da su ne a matsayin wajibban amana, banda na sashe na 174. Kuma bambancin yana da tasiri a aljihu: a sakaci kamfani sai ya nuna asarar da yayi sannan a biya shi diyya, a cin amana kuwa ribar da daraktan ya ci ake bi, ko kamfani yayi asara ko bai yi ba. Don haka in tambaya ta ce wanne ne ya karya wani wajibi, C yana ciki, in ta ce wajibin amana, C ya fita.

Yanzu D, inda naman yake.

Duba yadda aka tsara shi, duk wata kariya da mutum zai iya kawowa an jera masa ita. Kuɗinsa ne. Kamfani bashi da halin saya. Babu wanda ya rasa ko sisi. Bai yi ƙarya ba, shiru kawai yayi. Wallahi in ka ba mutum goma wannan labarin a bakin titi, takwas zasu ce ai wannan rabonsa ne ya tsaga. Amma sashe na 175 ya ce dole darakta ya guji duk wani yanayi da maslaharsa ta ci karo, ko zata iya cin karo, da ta kamfani, kuma ya ambaci abu uku musamman, amfani da dukiya, ko bayani, ko dama. Sannan ya ƙara wata jimla wadda ita ce ta kashe bakin mutumin D, cewa ba a duba ko kamfani zai iya cin moriyar wannan damar ko ba zai iya ba.

Labarin filin ta ina ya shigo kunnensa? A wajen aikin da kamfani ya tura shi. Filin yana jikin rumbun kamfani, kamfanin kuma sana'arsa kenan gina rumbuna. Kamar ɗan aike ne ka tura shi ya karɓo maka saƙo, a can aka ce masa ga wani kaya da zai yi wa maigidanka amfani, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ai maigida bashi da kuɗi, ya saye ya yi gum. Ko da gaske baka da kuɗin, kai ya kamata ka faɗi hakan, ba shi ba.

Wannan tsaurin ba sabon abu bane, kuma shari'ar da kowa yake komawa gareta ita ce ta Regal (Hastings) da Gulliver wadda aka yanke a 1942. Ina so mu ɗan daɗe a kanta don ita tafi nuna yadda abin yake da zafi. Kamfanin Regal yana da gidan silima ɗaya a garin Hastings, daraktocinsa suka so su karɓi hayar wasu gidajen silima biyu don su haɗa duka su sayar da tsada. Suka buɗe ƙaramin kamfani don ya riƙe hayar. Mai gidajen ya ce ko dai jarin ƙaramin kamfanin da aka biya ya kai fam 5,000, ko kuma daraktocin su tsaya da kansu a matsayin masu lamunin kuɗin haya. Regal fam 2,000 kaɗai yake iya sawa. Sai daraktoci huɗu kowa ya sayi hannun jari 500 a kan fam ɗai-ɗai, lauyan kamfani ya ɗauki 500, shi kuma shugaba Gulliver ya nemo wasu daga waje suka ɗauki 500. Ba a daɗe ba aka sayar da komai, kowane hannun jari ya kawo ribar kusan fam 3. Sababbin masu kamfanin suna shigowa sai suka sa Regal ya maka tsofaffin daraktocin a kotu.

Ka lura fa, babu wanda ya ce mutanen nan sun yi mugun nufi, hasali ma da basu sa kuɗinsu ba da cinikin gaba ɗaya bai yiwu ba, kuma Regal ya ƙaru da abinda suka yi. Duk da haka kotun ƙoli ta lokacin ta ce daraktocin huɗu su dawo da ribar, saboda sun same ta ne ta dalilin kujerarsu kuma a cikin gudanar da aikin kujerar, kuma basu nemi amincewar masu hannun jari ba. Gulliver ya tsira don shi bai ci ribar da kansa ba. Lauyan ma ya tsira don shi ba darakta bane kuma da yardar kamfani ya shiga. Abin haushin, kuɗin da aka ƙwato a ƙarshe sababbin masu kamfanin ne suka amfana, wato tamkar an rage musu farashin abinda suka riga suka saya da yardarsu. Masana da yawa sun soki hukuncin a kan wannan, ni ma a raina bana jin an yi wa mutanen nan adalci sosai. Amma dokar tana nan daram.

To me yasa kotu take kafewa haka? Saboda maganar "ai kamfani bashi da kuɗi" waye yake da ikon tabbatar da ita? Su daraktocin ne dai. Su ne zasu je banki, su ne zasu nemo mai zuba jari, su ne suka san ko za a iya sayar da wata kadara a cike giɓi. Idan aka bar ƙofar nan a buɗe, darakta da ya hango riba zai je banki da sanyin jiki, a hana shi rance, ya dawo ya ce kun gani ko, sannan ya saye abin. Kuma babu alƙalin da zai iya shiga zuciyarsa ya auna iya ƙoƙarin da yayi. A lamarin namu banki ɗaya ne ya hana rance, kuma don wani aiki daban. Wa ya sani ko da an kawo maganar filin gaban daraktoci da wani ya ce a gwada wani bankin da filin kansa a matsayin jingina, ko a nemi mai filin ya yarda a biya kashi-kashi, ko ma a ce masu hannun jari su ƙara jari? Mutumin D ya hana a yi wannan tattaunawar gaba ɗaya, kuma a daidai lokacin da hana ta yake masa amfani.

Wani zai ce to idan kamfanin ma ya riga ya ce baya son ƙarin fili fa? An yi irin wannan a shari'ar Bhullar ta 2003. Kamfanin iyali ne, 'yan uwa suka samu saɓani, har aka tsaya a kan cewa ba za a ƙara sayen kadara ba. Sai daraktoci biyu daga ɓangare ɗaya suka ga an sa wani fili a kasuwa a jikin kadarar kamfanin, ba ma a wajen aiki suka gani ba, suka saya ta wani kamfani nasu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce sun karya amana, wajibinsu ne su sanar da kamfani, shi ya yanke ko yana so. In waɗannan basu tsira ba, mutumin D da aka faɗa masa a teburin tattaunawar kamfani ina zai tsira.

Akwai ɓangare na biyu na labarin dai, don kar a ɗauka kullum darakta ne a ƙasa. A Kanada, shari'ar Peso Silver Mines da Cropper ta 1966, an kawo wa kamfanin haƙar ma'adinai tayin wasu filaye, daraktoci suka zauna suka duba da zuciya ɗaya suka ce basa so, kuɗi yayi ƙaranci kuma suna da filaye da yawa. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya shiga cikin waɗanda suka saya, kotun ƙoli ta Kanada ta ce bashi da laifi. Kaga bambancin da D a fili yake, can maganar ta je gaban daraktoci sun ƙi, nan kuwa bata taɓa zuwa ba. Ko da yake a ƙarƙashin dokar Birtaniya ta yanzu ni ba zan ba darakta shawarar ya dogara da ƙin da aka yi kawai ba, gara ya nemi izini ƙarara a rubuta.

Yaya izinin yake? Nan ma masu tambaya suna wasa da hankali sosai. Sashe na 175 ya yarda sauran daraktoci su ba da izini. A kamfani mai zaman kansa suna da wannan ikon matuƙar kundin tsarin kamfani bai hana ba, a kamfanin da jama'a ke sayen hannun jarinsa kuwa sai kundin ya basu ikon a fili. Kuma sharaɗi biyu ne, ba a ƙirga mai maslahar wajen cika adadin da taro yake zama dashi, kuma dole ƙudurin ya wuce ko da an cire ƙuri'arsa. A ce mutumin D ya kira taro, mutum uku suka zo har dashi, duka suka ɗaga hannu. A ido an cika uku, amma da ka cire shi saura biyu, taron bai zauna ba, izinin banza ne. A ce kuma ya tari shugaban daraktoci a mota ya faɗa masa, shugaba ya ce ba komai je ka saya. Wannan ma ba izinin daraktoci bane, ra'ayin mutum ɗaya ne. Ko kuma ya zo taro cikakke ya ce akwai wani ɗan fili da nake son saya, bai faɗi cewa jikin rumbun kamfani yake ba, bai faɗi a inda ya ji labarin ba. Yardar da aka bayar a kan rabin bayani bata kare kowa.

Sai dabarar ajiye aiki. Mutum ya ji labarin dama yau, gobe ya miƙa takardar murabus, jibi ya karɓi cinikin. Sashe na 170 ya toshe wannan, wajibin yana bin mutum bayan ya sauka game da duk dukiya ko bayani ko damar da ya sani lokacin yana kan kujera. Shari'ar Cooley ta 1972 ita ce misalin da ake bayarwa. Shi mai zanen gine-gine ne kuma manajan darakta, wata hukumar iskar gas ta nuna bata son aiki da kamfaninsa amma tana son shi a karan kansa, sai ya ce wa kamfani bashi da lafiya aka sallame shi, ya je ya karɓi aikin. Alƙali ya yarda cewa da wuya ƙwarai kamfanin ya samu kwangilar ko da an faɗa masa, amma duk da haka ya ce Cooley ya miƙa ribar.

Idan kuma an riga an yi ɓarnar, masu hannun jari zasu iya yafewa ta hanyar ƙuduri, sashe na 239 kenan, amma ba a ƙirga ƙuri'ar daraktan da ta mutanen da ke da alaƙa dashi. Tun 1916 aka ga dalilin haka a shari'ar Cook da Deeks, inda daraktoci uku cikin huɗu na wani kamfanin gine-gine a Toronto suka karɓe kwangilar layin dogo da sunansu, sannan suka yi amfani da rinjayen ƙuri'unsu suka zartar cewa kamfani bashi da sha'awar kwangilar. Kotu ta ce ba zai yiwu masu rinjaye su yi wa kansu kyautar dukiyar kamfani ba.

To yanzu me zai faru da mutumin D? Kamfani ne mai ƙara, ba wani mai hannun jari shi kaɗai ba, saboda amanar kamfani ake bin darakta. Idan sauran daraktoci suka ƙi motsi, mai hannun jari zai iya neman izinin kotu ya shigar da ƙara a madadin kamfanin, kuma abinda aka samu asusun kamfani zai shiga. Abinda za a nema shine ya miƙa ribar. A ce kuɗin lauya da harajin saye da ruwan bashin da ya ci sun kai fam 18,000, to 290,000 a cire 200,000 a cire 18,000, saura fam 72,000, wannan zai amayar. Ba tara bace, jarinsa da kuɗin da ya kashe na gaskiya nasa ne, ribar ce kawai ba tasa ba. Da kuma bai riga ya sayar ba, kotu zata iya ɗaukar cewa filin yana riƙe dashi ne a madadin kamfani, ta sa ya miƙa shi a biya shi abinda ya kashe, kuma duk tashin da filin yayi na kamfani ne. Yana iya roƙon a bashi wani abu na wahalarsa, an taɓa ba masu riƙon amana irin wannan a shari'ar Boardman da Phipps, amma ga daraktoci kotu bata cika sakin hannu ba. Akwai kuma sashe na 1157 da ya ba kotu ikon sassauta wa daraktan da yayi aiki da gaskiya kuma bisa hankali, sai dai wanda ya ji labari a wajen aikin kamfani ya haɗiye shi zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa abinda yayi bisa hankali ne.

Wani lokacin a maimakon fili sai a sa maka kamasho a zaɓi na huɗu, darakta ya ba wani ɗan kwangila aiki, ɗan kwangilar ya tura masa kashi 5 cikin 100 a asusunsa, kuma a ƙara maka da cewa farashin ɗan kwangilar shine mafi araha a duk waɗanda suka nema. Kar arahar ta ruɗe ka, amsar bata canza ba, sashen ne kawai ya canza zuwa 176 wanda ya hana karɓar amfani daga wani na waje saboda kujerar darakta. Wannan ma yafi tsauri, don sauran daraktoci basu da ikon ba da izininsa, sai dai masu hannun jari. Kuma tun hukuncin kotun ƙolin Birtaniya na 2014 a shari'ar FHR, inda wani wakili ya karɓi kamashon ɓoye na yuro miliyan 10 a cinikin wani otal a Monte Carlo, ana ɗaukar irin wannan kuɗin a matsayin dukiyar wanda ake wakilta tun daga ranar da aka karɓa, ma'ana in daraktan ya sayi gida dashi gidan ya ninka daraja, kamfani zai iya bin gidan kansa, kuma in ya tsiyace kamfani yana gaban sauran masu binsa bashi a kan wannan kadarar.